Magani Huɗu A Ƙwaya Ɗaya: Abin Da Mai Jinyar Tarin Fuka Ya Kamata Ya Sani



 

Kwamitin lafiya ya nemi in yi magana a kan maganin tarin fuka, wanda wasunmu ke cewa tarin huka. Na karɓa don dalili guda. In cutar ta shigo gida, yawanci matashi ne ake ɗora wa jinya. Kai ne za ka ɗauki baba a moto ka kai shi asibiti, ke ce za ki tashi da asuba ki miƙa wa inna magani da ruwa. Kuma ku ne za a fara tambaya ranar da fitsari ya canza launi, ko ranar da majinyaci ya ce ya warke, ba zai ƙara sha ba. Amsar da za ku bayar a ranar tana iya zama bambanci tsakanin warkewa cikin wata 6 da jinya mai tsawo wadda ba kowa ke fita ba.

Abu biyu nake so ku tafi da su. Na farko, me ya sa ake haɗa magani huɗu, kuma me ya sa ba a raba su. Na biyu, irin illar da kowane ɗayansu ya saba yi, wacce ake haƙuri da ita a ci gaba da sha, wacce kuma ake tsayawa a ruga asibiti.

Mene ne a cikin ƙwayar?

Wanda aka auna kakinsa aka samu cutar, kuma awon ya nuna ba mai bijire wa magani ba ce, ana ba shi magani na wata 6, kyauta, a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka. Wata 2 na farko yana shan magani huɗu: rifamfisin, izoniyazid, firazinamid da etambutol. A kan kwali da katin majinyaci za ku ga haruffa huɗu, RHZE. R shi ne rifamfisin, H izoniyazid, Z firazinamid, E kuma etambutol. Wata 4 da suka rage yana shan biyu kawai, R da H. Ku riƙe waɗannan haruffan, da su zan riƙa kiran magungunan.

Duka huɗun an cure su cikin ƙwaya ɗaya. Kowace ƙwaya ta manya tana da miligiram 150 na R, 75 na H, 400 na Z da 275 na E. Yawan ƙwayar da mutum zai sha a rana ya danganta da nauyinsa: mai kilo 48 yana shan 3, mai kilo 60 yana shan 4. Shi ya sa ake ɗora majinyaci a kan sikeli kafin a ba shi, kuma ake sake auna shi daga baya. Ana shan su gaba ɗaya, sau ɗaya a rana, kuma ya fi kyau ciki ba abinci, domin abinci yana rage shigar R da H cikin jini.

Me ya sa ɗaya bai isa ba?

Wannan darasin da wahala aka koye shi. Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882, amma sai a 1943 aka samu maganin farko da ke kashe ta, wato sitireftomisin. A gwajin da aka yi a Ingila, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1948, an ba majinyata wannan allura ita kaɗai. Da farko sun samu sauƙi ƙwarai. Bayan ƴan watanni sai aka ga a jikin da yawa daga cikinsu ƙwayoyin cutar sun daina jin maganin. Ciwon ya dawo, allurar kuma ba ta ƙara yi musu amfani ba.

Ga abin da ke faruwa. Cutar tana cin huhu har ta yi rami a ciki, kuma rami ɗaya yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta miliyan 100. Don ku ga yawan, buhun hatsi mai kilo 100 yana da tsabar hatsi wajen miliyan 10. Ke nan ku ɗauka buhu 10 ne aka juye a tsakar gida.

Duk sanda ƙwayar cuta ta rabu biyu don ta hayayyafa, akwai ɗan kuskuren da kan auku a halittarta. Wani kuskuren yakan sa wani magani ya daina kama ta. Wannan yana faruwa tun mutum bai taɓa shan magani ba. A ƙiyasin masana, cikin kowace miliyan ɗaya akan samu wajen ɗaya da H ba ya kashewa. Cikin kowace miliyan 100 kuma akan samu wajen ɗaya da R ba ya kashewa. To mu koma ga buhunanmu 10: akwai tsaba wajen 100 da H ba ya taɓawa, akwai guda ɗaya da R ba ya taɓawa.

Yanzu a ba mutumin H kaɗai. Zai kashe kusan duka. Zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, mutum ya fara cin tuwo, kowa ya ce alhamdu lillahi. Amma 100 ɗin nan suna nan, kuma an share musu fili. Ƙwayar tarin fuka ba ta da sauri, tana ɗaukar sa'a 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, amma ninkawa sau 20 kawai ake bukata 100 ta koma miliyan 100. Cikin makonni ko ƴan watanni ramin ya sake cika, kuma wannan karon duka ba sa jin H. In a lokacin aka ce bari a ƙara masa R, ai R ne kaɗai ke aiki, kuma cikin miliyan 100 ɗin akwai ɗayar nan da ba ta jin sa. Ita ce za ta rage, ta hayayyafa. An samu tarin fukan da ba ya jin H, ba ya jin R. Ita ce cutar da likitoci ke kira mai bijire wa magunguna, kuma wanda ya ɗauka daga wurin wannan mutumin irinta zai ɗauka, ko da bai taɓa wasa da magani ba.

Amma in aka ba da H da R tare tun ranar farko, lissafin ya canza. Waɗanda suka tsere wa H, R zai kashe su. Wadda ta tsere wa R, H zai kashe ta. Kafin a samu wadda ta tsere wa duka biyun lokaci guda, sai an ninka miliyan ɗaya sau miliyan 100, wato 1 da sifiri 14 a gabansa. Da lissafin hatsinmu, tsaba ɗaya ke nan cikin buhu miliyan 10. Babu huhun da ke ɗaukar wannan adadin.

Wani zai ce, to in biyu sun isa, na mene ne huɗu? Dalili biyu ne.

Na farko, ƙwayoyin cutar ba a hali ɗaya suke ba. Akwai masu hayayyafa da ƙarfi a bangon ramin, su H ke kakkaɓewa cikin kwanakin farko, shi ya sa majinyaci ke saurin jin sauƙi. Akwai masu kwanciya shiru, su ɗan farka na ƴan sa'o'i su koma, waɗannan R ya fi iya kama su. Akwai kuma waɗanda ke ɓoye inda nama ya kumbura ya yi tsami, can Z ke aiki. Masu kwanciyar nan da masu ɓoyewa su ke dawo da ciwo bayan an ɗauka an warke. Kafin a samu R, magani yana kai wata 18 ko fiye. Da R ya shigo aka sauko zuwa wata 9, da aka haɗa da Z aka sauko zuwa 6.

Na biyu, mai yiwuwa ne cutar da mutum ya ɗauka tun asali ba ta jin H, kuma ba a sani ba. In haka ne, R zai zama kamar shi kaɗai yake yaƙi. E ba shi da ƙarfin kisa kamar sauran, aikinsa gadi ne: yana tsaye ne don kada a bar R shi kaɗai a lokacin da ƙwayoyin cutar suka fi yawa.

Wannan ne dalilin cure su cikin ƙwaya ɗaya, don kada wani ya zaɓi wanda yake so ya bar wanda ba ya so. Kuma shi ne dalilin da ya sa rage yawan ƙwaya, ko raba ta da wani mai tari a gida, ko sayen jan kafso wurin masu tallar magani a tasha, duk hanya ɗaya suke kaiwa.

Kowanne da halinsa

Maganin da ke da wannan ƙarfin ba ya rasa illa. Yawancin mutane suna gama wata 6 ba tare da babbar matsala ba. Amma kowane ɗaya cikin huɗun yana da wurin da ya saba taɓawa, kuma in kun san wurin za ku gane da wuri.

Mu fara da R. Shi ne ke mai da fitsari ruwan goro, wani lokaci har da gumi da hawaye. Launin maganin ne kawai ke fita, ba jini ba ne, ba kuma ƙoda ce ta lalace ba. Hasali ma alama ce cewa mutum ya sha. Ku gaya wa majinyaci tun kafin ya haɗiyi ƙwayar farko, don tsoron wannan launin ya sa mutane da yawa sun ajiye magani a rana ta biyu.

Illar R da ba a gani da ido ita ce yana zaburar da hanta ta riƙa saurin narkar da wasu magunguna, sai ƙarfinsu ya ragu. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko take da wanda ake sawa ƙarƙashin fatar dantse, tana iya ɗaukar ciki, don haka ta faɗa a canza mata hanya. Mai shan maganin sida, akwai irin da sai an ninka masa, kamar dolutegirabir da ke komawa sau biyu a rana. Haka wasu magungunan ciwon sukari da hawan jini da farfaɗiya. Abin yi mai sauƙi ne: ranar farko a kwashe duk maganin da majinyaci ke sha a leda a kai wa likita ya gani. Akwai kuma wata illa da ba ta cika faruwa ba, amma mai tsanani ce: ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata, haɓo, ko jini a dasashi. In an ga haka a tsaya a tafi asibiti, kuma irin wannan mutumin ba a sake ba shi R.

Sai H. Shi jijiyoyin ƙafa yake taɓawa, domin yana rage wa jiki bitamin B6 da jijiyoyi ke bukata. Mutum zai ce tafin ƙafarsa yana zafi kamar an shafa barkono, ko kamar ana tsira masa allura, ko ya ce yana taka ƙasa kamar yana taka auduga. Yakan fara daga yatsu, a ƙafa biyun lokaci guda, sannan ya hau sama. Ya fi samun mai ciki da mai shayarwa, mai ciwon sukari, mai sida, wanda ya rame ƙwarai, da mai shan giya. Irin waɗannan ana ba su bitamin B6 tun farko, miligiram 10 zuwa 25 a rana, don rigakafi. In alamar ta bayyana ba a daina magani, ana ƙara yawan bitamin ɗin ne. Amma a faɗa da wuri, don jijiyar da ta daɗe da lalacewa ba lallai ta koma daidai ba.

Na uku Z. Shi gaɓoɓi yake sa wa ciwo: kafaɗa, gwiwa, idon sawu. Yana hana ƙoda fitar da wani gishiri da jiki ke zubarwa ta fitsari, sai ya taru a jini. Yawanci ciwon yana da sauƙi, maganin rage ciwo da likita ya rubuta ya isa, kuma yana wucewa in an gama wata 2 an ajiye Z. In gaɓa ɗaya ce ta kumbura ta yi zafi har ba a iya taɓawa, musamman babban yatsan ƙafa, wannan sai likita ya duba.

Na huɗu E, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. E yana iya taɓa jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa. Idon ba ya ja, ba ya ciwo, ba ya ruwa, shi ya sa ake sakaci. Abin da mutum zai lura shi ne gani ya yi hazo, haruffan Alƙur'anin da ya saba karantawa sun fara cakuɗewa, ko kuma ya kasa bambanta ja da tsanwa. Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida: sau ɗaya a mako, majinyaci ya rufe ido ɗaya ya karanta layin da ya saba daga nisan da ya saba, sannan ya rufe ɗayan. A ajiye masa tumatur nunanne da ɗanye a tambaye shi wanne ne wanne. In an ga canji, a tsaya a ranar a je asibiti. In an cire E da wuri gani yakan dawo, in an ci gaba yana iya tafiya ke nan. Haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon ƙoda, domin ta ƙoda E ke fita, in ta yi rauni sai ya taru.

Akwai kuma illa guda da uku daga cikinsu suka yi tarayya a kai, ita ce ta fi kisa. R da H da Z duka ta hanta suke bi, kuma kowannensu yana iya kumbura ta, Z ya fi sauran. Alamun farko ba su da ban tsoro: ƙin abinci, tashin zuciya, amai, kasala, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Daga baya shawara ta fito. A nan ne ake ruɗewa, domin fitsarin dama ya riga ya canza launi saboda R, ba za a dogara da shi ba. Ido za a duba. A fito da majinyaci waje da rana, a ja fatar idon ƙasa, a dubi farin. In ya yi rawaya, hanta ce. Wanda yake da ciwon hanta tun da, irin wanda ake kira B, wanda yana da yawa a ƙasashenmu, da mai shan giya, da tsoho, sun fi shiga wannan haɗarin.

Yadda ta kasance da wani matashi

Bari in ba ku labarin wani ɗan kabu-kabu da na bi jinyarsa, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Ya yi fiye da wata yana tari, yana gumin dare, wandonsa ya yi masa yawa. Aka auna kaki, aka samu cutar, kuma na'urar ta nuna tana jin R. Nauyinsa kilo 48, aka sa masa ƙwaya 3 a rana. Ku lissafa: miligiram 450 na R, 225 na H, 1200 na Z, 825 na E. Ƙanensa, yaro ɗan lakwal, shi aka sa ya riƙa tsayawa a kansa har ya haɗiye, ya sa alama a kati.

Rana ta biyu fitsari ya koma ruwan goro. An riga an gaya musu, ba wanda ya tsorata. Mako na uku tari ya lafa, ya fara cin abinci, sai kafaɗu da gwiwoyi suka kama ciwo. Wannan aikin Z ne, aka rubuta masa maganin rage ciwo, ya ci gaba. Amma da yake yana son komawa kan moto, sai ya riƙa ƙarawa da nasa: farasitamol na talla ba lissafi, da wani jiƙo da abokansa na fada suka kawo masa.

Cikin mako na shida ya fara ƙin abinci, yana amai da safe. Ya ɗauka masassara ce. Kwana uku ana haka, sai ƙanen ya tuna abin da aka ce masa, ya fito da shi tsakar gida ya dubi idonsa. Rawaya. Mahaifiyarsu ta ce ai shawara ba ta asibiti ba ce, a nemo saiwa. Yaron ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, sun ce in ido ya yi haka kada ya sha na yau, mu kai shi yanzu.” Allah Ya sa ta yarda.

A asibiti aka ɗebi jini, awon hanta ya hau ƙwarai. Aka tsayar da maganin gaba ɗaya, aka hana jiƙon da farasitamol ɗin. Ba mu iya cewa ga takamaiman abin da ya kumbura hantar ba, amma an tara mata kaya da yawa. Aka jira wajen mako biyu, har amai ya tsaya, ido ya washe, awon ya sauko.

Ku lura da yadda aka dawo da maganin, domin a nan ne aikin likita ya bambanta da na gida. Ba a mayar masa da ƙwayar nan mai huɗu ba. An kawo magungunan a rarrabe. Aka fara da R tare da E, wanda ba ya cikin masu wahalar da hanta. Aka jira ƴan kwanaki, aka sake awo, lafiya. Aka ƙara H, aka sake jira, lafiya. Da yake ya jure waɗannan, kuma har shawara ta fito masa, likita ya yanke cewa ba za a sake gwada Z ba. To amma kun tuna Z ne ya sauko da magani daga wata 9 zuwa 6. Da aka cire shi, sai jinyar ta koma wata 9. Yana tsakiyar jinya nauyinsa ya kai kilo 56, aka ƙara masa yawan ƙwaya zuwa 4. Awon kakinsa na baya duka suka fito babu cutar. Yau yana kan motonsa.

Da sun ci gaba da ba shi magani ido na rawaya, hantar tana iya mutuwa. Da kuma sun tsaya a gida suka yi shiru, suka bar asibiti, da tarin ya dawo bayan ƴan watanni. Abin da ya cece shi shi ne tsayawa da zuwa asibiti a rana ɗaya.

Wanne ake haƙuri, wanne ake tsayawa?

Ga shi a taƙaice, don ku riƙe.

A ci gaba da sha, a gaya wa likita: fitsari ruwan goro, ɗan tashin zuciya ba amai mai yawa, wanda akan magance da shan maganin tare da ɗan abinci kaɗan ko lokacin kwanciya, ciwon gaɓoɓi, zafi ko tsira a tafin ƙafa, ɗan ƙaiƙayi ba ƙuraje.

A tsaya, a je asibiti a ranar: ido rawaya, amai da ya ƙi tsayawa, ruɗewa ko surutai, hazo a gani ko kasa bambanta ja da tsanwa, ƙuraje a jiki, musamman in da zazzaɓi, ko fata na saɓulewa, ko baki ya yi gyambo, ɗigon jini a fata ko haɓo, fitsari ya ragu ƙwarai.

Saura tambayoyi uku da nake yawan samu daga matasa.

Mai ciki fa? Waɗannan huɗun ana ba mai ciki da mai shayarwa, tare da bitamin B6. Barin cutar ba magani ya fi haɗari gare ta da jaririn. Allurar sitireftomisin ce ba a yi wa mai ciki, don tana iya kurmantar da ɗan, kuma yanzu ba ta cikin maganin farko.

Azumi fa? Malamanmu suna nan, sun fi ni sanin rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya, ya sha ya rama daga baya. Abin da zan ce ta fannina shi ne, wanda ke cikin watannin farko, ya rame, jikinsa yana bukatar abinci da ruwa. Wanda ya yi ƙarfi kuma likita ya yarje masa, tunda sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da lokacin zuwa dare ko sahur. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ajiye magani har bayan salla.

Tafiya fa? Da yawanmu in an gama girbi sai ci-rani, wani Agadas, wani Kano, wani wurin haƙar zinariya. Wanda ke kan magani kada ya tashi bai je ya faɗa ba. Akwai takardar da ake ba shi ya ci gaba da karɓa a inda zai sauka. In kuma ya riga ya yi fashin kwanaki, kada kunya ta hana shi dawowa, kuma kada ya ninka ƙwaya don ya rama. Ya zo da katinsa a ƙirga abin da ya tsallake, likita ya san abin yi.

Ƴan uwa, sauƙin da majinyaci ke ji a mako na uku shi ne lokacin da ya fi bukatar ku. Masu hayayyafa da ƙarfi ne suka mutu, masu kwanciya suna nan, kuma saboda su ne ake shan sauran watannin. In an ɗora muku jinya, ku tsaya har ƙwayar ta wuce maƙogwaro, ku sa alama a kati, ku dubi farin ido da rana, ku gwada gani duk mako. Wannan amana ce, kuma ba ta majinyacin kaɗai ba, har da yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne.